Ina neman littafin da zai fahimtar da ni tsadar nan, dala da bashin ƙasa

Malamar Firamare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masu karatu a cikinmu. Ni Hausa da addini nake koyarwa a wata firamare a Gwale, ban taɓa zama ajin tattalin arziki ba. Farkon 2025 na ji a rediyo an ce hauhawar farashi ta sauko daga kusan kashi 35 zuwa kashi 24 da ɗoriya. Ranar na shiga Rimi da murnata, na tarar mai man gyaɗa bai ji labarin ba, mai omo ma bai ji ba. Da na yi masa maganar sai ya ce, "Malama, to ki je rediyon ki saya." Tun ranar abin yake cina. Ko dai ƙarya ake mana, ko ni ce ban gane abin da ake faɗa ba. Akwai littafin da mutum irina zai karanta ya gane hauhawar farashi, da dalilin tashin dala, da bashin da kullum ake cewa an ciyo? Ina jin Turanci daidai gwargwado, amma da na ga lissafi mai haruffa sai kaina ya ɗau zafi.

Ɗan Farm Centre: Wa alaikumus salam Malama. Nemi Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki. Shi ya buɗe min ido har na bar aikin albashi na kama sayar da waya. Ko a bakin titin Sabon Gari za ki samu.

Malamar Firamare: Na gode ƙanina, ƙanwata tana da shi, na leƙa. Wancan yadda mutum zai tara dukiya yake koyarwa. Ni so nake na gane me ya sa albashina yake narkewa, ba yadda zan bar aikin ba.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Malama, ba ƙarya aka yi miki ba, kuma mai omo ma gaskiyarsa. Bari na fara da wannan kafin littafi, domin in kin riƙe shi, rabin kowane littafi ya zo miki da sauƙi.

Adadin da ake faɗa a rediyo ba farashi ba ne, saurin tashin farashi ne. A ce galan ɗin da kike saya naira 1,000 ne. Shekara ta zagayo, tashin ya kai kashi 35, ya koma 1,350. Wata shekarar aka ce hauhawa ta sauko zuwa kashi 25. To kashi 25 ɗin a kan 1,350 za a ɗora, ya zama wajen 1,690. Kin ga an ce ta sauko, kuma gaskiya ta sauko, amma ke ƙarin naira 340 kika biya. Kamar direban da ya taso daga Kwanar Dangora da gudu ne, da ya iso Na'ibawa ya sassauta. Ya rage gudu, amma bai juya ya koma Zariya ba.

Sai kuma abu na biyu da ya faru a daidai lokacin da kike magana. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 34.80. A Janairun 2025 ta ce 24.48. Ba a wata ɗaya kaya suka yi wannan sanyin ba, ma'aunin aka sake. Da ana auna farashi ne da kwandon kayan da aka tsara a kan shekarar 2009, sai aka mayar da shi kan 2024, aka shigar da sababbin kaya, aka rage nauyin abinci daga sama da rabin kwandon zuwa wajen kashi 40. Sake ma'auni ba laifi ba ne, kowace ƙasa tana yi, namu ma ya daɗe ƙwarai ba a taɓa shi ba. Amma adadin Disamba da na Janairu ba da kwano ɗaya aka auna su ba, don haka ba a jera su a ce an samu sauƙin kashi goma.

Littafi kuwa, fara da Can't We Just Print More Money? na Rupal Patel da Jack Meaning, ma'aikatan Babban Bankin Ingila ne, ya fito a 2022. Tambayoyi goma suka ɗauka, kowace da babinta, babu lissafin haruffa. Babin hauhawar farashi a kan wata alewar cakulan ta yara aka gina shi, wadda da ake sayarwa fam ɗaya guda goma, yanzu ta wuce nan. Ke sai ki cire alewar ki sa ƙullin sikari. In kin gama, ki hau Naked Money na Charles Wheelan, na 2016, shi ya fi zama a kan canjin kuɗi tsakanin ƙasashe.

Ɗan Farm Centre: Baba, wannan na biyun da irin sunan nan ai sai ta sa masa bango kafin ta shiga da shi ofishin malamai.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Ja'iri. Nufinsa kuɗi ba tare da lulluɓin manyan kalmomi ba. Amma ta sa bangon, ba a san wa zai leƙa ba.

Baban Hanifa: Ni a ganina duk wannan zagaye ne. Milton Friedman ya gama magana tun tuni, ya ce hauhawar farashi a ko'ina kuma a kowane lokaci matsalar yawan kuɗi ce. A karanta Money Mischief nasa na 1992, shi ke nan. Gwamnati ta buga takardun kuɗi ta watsa, kuɗi suka yi yawa, kaya ba su ƙaru ba. A daina bugawa, tsada ta mutu. Iyayenmu suna ba mu labarin Udoji, da aka zuba wa ma'aikata kuɗin ariyas a tsakiyar shekarun 1970, kafin a ce kwabo kayan kasuwa suka tashi.

Hajiya Mai Abinci: To Baban Hanifa, ina da tambaya. Farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace ƙaf. Da idona na ga magidanci yana hawaye a layin na'urar cirar kuɗi. Ni da nake dafa abincin sayarwa a Zoo Road sai na yini ban riƙe dubu biyar a hannu ba. In yawan takarda ne matsalar, me ya hana shinkafa ta faɗi warwas a lokacin? A ƙauye dai na ji an karyar da awaki saboda neman tsabar kuɗi, amma buhun da nake saya bai sauko ba.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Hajiya kin kama shi a inda ya dace, amma kar ki kayar da shi duka, yana da rabin gaskiya.

Kuskuren yana cikin kalmar bugawa. Takardun da ke yawo a hannun jama'a kafin canjin kuɗin sun ɗan haura tiriliyan 3. A Fabrairun 2023 suka faɗo ƙasa da tiriliyan ɗaya. Amma jimlar kuɗin ƙasar, har da na cikin asusun banki, ta haura tiriliyan 50 a lokacin. Takarda ɗan ƙaramin yanki ce. Kuɗin suna nan a asusu, fitar da su ne ya gagara, shi ya sa dillalin da ke karɓar tiransifa bai rage miki ko sisi ba, kuma hauhawa ta ci gaba da zama sama da kashi 21 a watannin.

Inda Baban Hanifa ya yi daidai shi ne an ƙirƙiri kuɗi, sai dai ba da injin buga takarda ba. Akwai bashin wucin gadi da Babban Banki yake ba gwamnatin tarayya in kuɗin shiga sun yi jinkiri, wanda ake kira Ways and Means. Dokar bankin ta 2007 ta ce kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a biya a cikin shekarar. Aka yi ta ɗiba ba a biya, har ya taru ya kai tiriliyan 22.7, a 2023 majalisa ta amince aka mayar da shi bashin shekara 40. Wannan kuɗin ba daga ajiyar kowa aka ɗauko ba, rubuta shi aka yi a asusun gwamnati, ta kashe, ya shiga gari yana neman kaya yana neman dala. Friedman zai fahimtar da kai wannan sarai. Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne abin da ke faruwa in manomin Zamfara ya kasa zuwa gona, ko in litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwana biyu kamar yadda aka yi bayan 29 ga Mayun 2023. Tirelar da ke kawo doya daga Binuwai ba ta san yawan kuɗin da ke banki ba, gas ta sani.

Baban Hanifa: Yallaɓai, na karɓi gyaran takarda. Amma Friedman zai ce maka tashin mai sau ɗaya yake tayar da farashi, abin da ke sa tashin ya ɗore shekara da shekaru kuɗin ne. Ban sauka daga nan ba.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Kada ka sauka, hujja ce mai ƙarfi, masana ma ba su gama da ita ba.

Almajirin Zaure: Don Allah ku ba ni wuri kaɗan. Kuna ta ambaton Turawa kamar su suka fara lura da abin. Malam Maƙrizi na Masar ya rubuta Igasatul Umma bi Kashfil Gumma a shekara ta 808 bayan Hijira, wajen 1405 ke nan, a kan tsadar da ta addabi Masar. Cikin dalilan da ya kawo har da yadda mahukunta suka cika gari da fulus na tagulla, da sayen muƙami da cin hanci, da tsawwala wa manoma kuɗin ƙasa. Ɗan ƙaramin littafi ne, wanda ya yi karatun zaure zai iya bi. Mu ma nan Kano mun ga irinsa da wuri. Lokacin da Barth ya zo a 1851, wuri 2,500 ake ba da riyal ɗaya na azurfa. Da Turawan fatake suka riƙa jibgo wuri daga gaɓar Zanzibar jirgi-jirgi, darajarsa ta yi ta zubewa har ya zama ɗaukar kuɗin ya fi abin da za a saya nauyi.

Malamar Firamare: Ikon Allah. Wannan na wurin zan ba 'yan aji shida, ai kalmar kuɗi ma daga nan take. To dala fa? Maigidana kullum cewa yake 'yan canjin Wapa ne suke tayar da ita.

Ɗan Wapa: Hajiya Malama, a gaya wa maigida ya yi mana adalci. Shekarata goma sha a kan benci a Fagge. Wallahi da mu ke sa farashi da ba mu taɓa yin asara ba, kuma na ga wanda ya sayi dala a kusan 1,900 a Fabrairun 2024, kafin ƙaramar salla ta dawo wajen 1,100 da 'yan kai, jarinsa ya karye har yau bai miƙe ba. Mu tsakani muke. Da safe ɗan Kwari zai zo yana neman dubu hamsin zai tura Sin, mai ɗa a makaranta a Masar ko Indiya zai zo, maniyyaci zai zo. Masu kawowa kuma 'yan kaɗan. In masu nema sun fi masu kawowa, ko waliyyi ka ɗora a bencin nan sai ta tashi. Ban ce babu masu ɓoyewa ba, akwai, amma mai ɓoyewa yana ɓoyewa ne don ya hango za ta yi ƙaranci.

Ɗan Kwari: Ni abin da nake so littafi ya bayyana wa mutane shi ne dalilin da ya sa muke ƙara kuɗi a kan tsohon kaya, don zagin da muke sha ya isa. Ga abin da ya same ni, zan zagaye lissafin don ya yi sauƙi. Na sayo shadda da atamfa na dala dubu goma lokacin dala tana 900, naira miliyan 9 ke nan. Na ce ni mai tsoron Allah ne, ba zan ƙara a kan tsohon kaya ba. Na sayar duka a miliyan 11, na rubuta ribar miliyan 2 a littafi, har na yi wa yara ɗinki. Da na tashi sabon oda dala ta kai 1,500. Miliyan 11 ɗin nan dala 7,300 da 'yan kai ta saya min. Shagon da ke cike ya dawo da kusan kashi uku cikin huɗu na kayansa. A takarda na ci riba, a kan kanta na yi asarar sama da rubu'in jarina. Maƙwabcina da ake ce wa azzalumi, wanda yake sa farashi da kuɗin da zai sake sayo kayan, shi ne har yanzu shagonsa a cike.

Hajiya Mai Abinci: Alhaji na ji wannan kuma na tausaya. Amma amsa min ɗaya. Da dala ta sauko, me ya sa ba ku sauko da saurin da kuka hau ba? Ranar hawa kun ce kuɗin sabon oda kuke dubawa. Ranar sauka kuma sai ku ce ai da tsada kuka sayo. Kowane ɓangare ku ne da riba.

Ɗan Kwari: Hajiya, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba ka san ko saukar ta kwana uku ba ce.

Hajiya Mai Abinci: Wannan ba amsa ba ce, tsoro ne ka sa mana a farashi.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Ku biyun duka kun faɗi abin da ke cikin littattafan, da bakinku. Abin da ɗan kasuwa yake tsammani gobe yana shiga farashin yau, kuma farashi ya fi saurin hawa a kan sauka sai in gasa ta matsa. Wheelan ya yi bayanin wannan da kyau, da kuma dalilin da ya sa ƙasar da farashinta ke tashi da kashi 25 ko 30 a shekara, alhali na Amurka yana tashi da 3, ba za ta iya riƙe canjinta a wuri ɗaya har abada ba. In an riƙe da ƙarfin hukuma, sai a samu farashi biyu. Mun gani: kafin Yunin 2023 dalar gwamnati tana wajen 460, ta Wapa tana wajen 750. Wanda ya samu ta farko ya sayar a ta biyu ya ci kusan naira 300 a kowace dala bai ɗaga ko tsinke ba. Da aka saki canjin a tsakiyar Yuni, wannan ƙofar ta rufe, amma duk abin da ake lissafawa da dalar gwamnati, kamar kuɗin kwastan, ya yi tsalle.

Gargaɗina a kan Wheelan shi ne rabin littafin na biyu labarin Amurka ne da Japan da kuɗin Turai da Sin. Akwai dogon bayani a kan tsoron faɗuwar farashi, matsalar Japan. Malama, in kin iso nan ki karanta don sani, amma ba ciwonmu ba ne. Kuma ba zai ce miki komai ba a kan ƙasar da mafi yawan dalarta daga ɗanyen mai take zuwa.

Ɗan Dawanau: Ina so na ɗan saɓa wa Baba a kan motar da ba ta komawa Zariya. A wajenmu tana komawa. A 2025 masara da gero da shinkafa sun sauko sosai, ba rage gudu ba, saukowa ta gaske, bayan an buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji kuma kaka ta yi kyau. Waɗanda suka tara kaya a sito suna jiran tashi sun ƙone. Manomi kuma yana kuka, don taki bai bi masarar ya sauko ba.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Gaskiyarka, na faɗi abin da faɗi da yawa. Kaya ɗaya-ɗaya suna saukowa, musamman na gona. Jimlar kwandon ce ba kasafai take komawa baya ba, domin haya da kuɗin makaranta da magani da kuɗin mota ba sa bin kaka. Wannan ma ya kawo wani abu da zan so Malama ta yi tun kafin littafin ya iso hannunta. Ɗauki littafin rubutu, ki jera abin da gidanki yake kashewa a wata. A ce cikin kowace naira ɗari, 60 abinci ne, 15 kuɗin mota, 25 sauran. In abinci ya tashi da kashi 40, mota da 30, sauran da 10, sai ki ce 60 sau 40, da 15 sau 30, da 25 sau 10, ki tara ki raba da ɗari. Zai ba ki 31. Wannan ita ce hauhawar gidanki. Maƙwabcinki mai hali wanda abinci kashi 25 ne kawai na kashe-kashensa, tasa za ta fito ƙasa da haka nesa, a gari ɗaya, a kasuwa ɗaya. Adadin rediyo matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, ba na kowa ba ne shi kaɗai.

Malamar Firamare: Wannan zan iya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saura bashi.

Ɗalibin BUK: A kan bashi ku karanta The Deficit Myth na Stephanie Kelton, 2020. Ta nuna gwamnati ba kamar gida ba ce, ƙasar da ke da kuɗinta ba za ta taɓa rasa abin biya ba. Japan bashinta ya ninka abin da take samarwa a shekara fiye da sau biyu, ba ta rushe ba. Namu bai kai ko kusa ba. Duk surutun bashi tsoratarwa ce kawai.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Ɗana, ka karanta littafin har ƙarshe ko bidiyonsa ka gani? Ita da kanta ta sa sharaɗi. Maganarta a kan ƙasar da ke cin bashi da kuɗin da ita take ƙirƙira ce, kuma ta ce iyakar abin ita ce hauhawar farashi. Ta ware ƙasashe masu tasowa da ke cin bashi da kuɗin wasu, ta ce ba su da wannan sararin. Japan da yen take ci, mafi yawa daga mutanenta, da kuɗin ruwa ɗan mitsitsi. Mu ba ma ƙirƙirar dala.

Ga misali daga alƙaluman Ofishin Kula da Basussuka, kowa zai iya dubawa. Ƙarshen Disambar 2023 bashin waje ya kai dala biliyan 42.5. An lissafa shi a kan naira 899 kowace dala, ya ba da tiriliyan 38 da ɗan ɗori. Ƙarshen Maris 2024 bashin wajen ya ɗan ragu ma, dala biliyan 42.1. Amma an lissafa a kan 1,330, sai ya zama tiriliyan 56. Cikin wata uku ya ƙaru da kusan tiriliyan 18 ba tare da an karɓo ƙarin dala ba. Jimlar bashin ƙasa a wannan tsakanin ta tashi daga tiriliyan 97 zuwa 121, jaridu suka yi ta kururuwa an ciyo tiriliyan 24, alhali kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarin faɗuwar naira ce. Kada kuma wani ya ce to ashe lissafi ne kawai. Harajin da za a tara a biya da naira ake tara shi, don haka nauyin na gaske ne. Ciwon Ɗan Kwari ne dai, a babban shago.

Sannan auna bashi da abin da ƙasa take samarwa yana ruɗarwa a wajenmu. Mai bin bashi ba ya karɓar arzikin unguwarku, abin da ke shigowa aljihunka yake kallo. Gwamnatinmu kaɗan take tarawa. Bankin Duniya ya ce a 2022 biyan bashi ya cinye wajen kashi 96 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Magidancin da albashinsa dubu ɗari, dubu 96 na masu bashi ne, ba ka lallashinsa da cewa gidan maƙwabci ya fi nasa bashi.

Ɗalibin BUK: Na yarda ban kai babin ba. Amma bashin cikin gida fa, wanda yake da naira? Nan ai maganarta tana aiki.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Tana aiki ta fuskar cewa ba za a rasa nairar biya ba. Tambayar ita ce nairar da za a biya da ita me za ta saya. Koma sama ka karanta abin da muka ce a kan tiriliyan 22.7.

Anti Lauya: Ban ga an ambaci na gida ba. Reforming the Unreformable na Ngozi Okonjo-Iweala, 2012, yana da babi guda a kan yadda aka yi da ƙungiyar masu bin bashi ta Paris a 2005. Ana binmu wajen dala biliyan 30, aka yafe 18, muka biya 12 da ɗoriya daga rarar kuɗin mai, aka rufe a 2006. Abin da ya fi amfanata a ciki shi ne ganin yadda bashin ya kumbura: ba sabon ci ne ya yi yawa ba, kuɗin ruwa da tarar rashin biya ne suka yi ta hawa kan juna tun shekarun 1980. Turancinsa bai da wuya, sai dai akwai jadawali nan da can. A karanta da sanin cewa mai labarin ita ce ministar da ta yi cinikin, ba za ta kushe kanta ba. Tun a lokacin akwai masu cewa bai kamata ƙasa mai fama da talauci ta ɗauki biliyan 12 ta miƙa a dunƙule ba.

Baban Hanifa: Kuma ga shi bayan shekara ashirin bashin wajen ya wuce inda yake kafin yafiyar. Bashi hanji ne.

Almajirin Zaure: Ni abin da ke damuna da littattafan nan duka, kuɗin ruwa ne ginshiƙinsu. Maganin hauhawa a wurinsu a ƙara kuɗin ruwa. Musulmi ya karanta ya yi yaya da shi?

Tsohon Ma'aikacin Banki: Malam, sanin yadda abu yake aiki daban, halatta shi daban, wannan na bar muku. Amma ko ta fuskar aiki akwai abin tambaya. Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 a cikin 2024. A Ingila in an yi haka, mai biyan bashin gida yana ji a aljihunsa, sai ya rage kashewa. A Kurmi mutum nawa ne suke da bashin banki? Jarin yawancinsu daga uban gida ne ko adashi. A nan ƙarin ya fi aiki ta wata hanya, yana jawo masu dala daga waje su sayi takardun gwamnati, naira ta ɗan samu tsayawa. Wannan bambancin babu littafin da na ambata da zai fitar miki da shi, Malama, sai kin haɗa da kanki.

Malamar Firamare: To na Hausa fa? Uwargidan maƙwabcinmu ta fi ni son sanin abin nan, kuma ba ta jin Turanci.

Anti Lauya: Ni dai ban taɓa riƙe wanda ya haɗa ukun nan da Hausa ba. Shirye-shiryen rediyo ne suke ɗan taɓawa. Baba, kai da ka yi ritaya, me kake jira?

Tsohon Ma'aikacin Banki: Ina jiran wanda zai faɗa min yadda zan rubuta babin canji ba tare da Ɗan Wapa da maigidan Malama sun daina gaisawa da ni ba. Malama, ina da na Patel da Meaning, an ɗan yi masa zane da biro. In kina so zan bar miki a shagon Ɗan Kwari ranar Asabar.

Ɗan Kwari: A kawo. Amma sai na karanta babin alewar tukuna.

Hajiya Mai Abinci: In ka gama ka duba ko akwai babin da ya ce a rage kuɗin atamfa in dala ta sauko. Har yanzu ba ka ba ni amsa ba.